Manja ya zubar min a kwat, wa ya iya karanta ƴar takardar da ke cikin riga?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare wajen walimar wani abokin aikinmu a Sabon Gari miya ta ɗigar min a gaban kwat, dab da maɓalli, kuma miyar manja ce. Tabon ya kai faɗin babban yatsa. Kwat ɗin ruwan toka ne mai haske, a bosho na saye shi tare da wandonsa, shi ne kuma nake sawa idan za a yi taro. Na duba cikin aljihun ƙirji na tarar da ƴar farar takarda. Ga abin da aka rubuta a kai:

```
55% polyester 45% laine
doublure 100% viscose
```

Ƙarƙashinsa akwai zane biyar. Baho da ruwa an soke shi, wani mai kusurwa uku shi ma an soke, akwati da zobe a ciki an soke, dutsen guga mai ɗigo biyu, sai zobe da harafin P a tsakiya. Uwargida ta ce in kawo ta jiƙa shi da omo, na ce ta dakata in tambaya tukuna. A iya wanke shi a gida ko a'a?

KabuKabu_Dole:
P ai firesin ke nan, masu wankin kaya da magani ba da ruwa ba. Ka kai musu kawai, magana ta ƙare.

Inna_Karkada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin malaman su iso, abu guda zan roƙe ka: kada a dirza wurin, kada kuma dutsen guga ya kusance shi. Ka samu hoda ta jarirai, ko garin sitaci busasshe, ka zuba da kauri a kan tabon har ya rufe, ka shimfiɗa rigar a ɗaki ta kwana haka. Da safe ka kakkaɓe, za ka ga garin ya yi ja-ja, man ne ya tsotse. Ka sake zuba sabo. Wannan ba ya ɓata kowane irin yadi.

MaiWanki_Zengo:
Amin wa alaikumus salam. Madalla da ka dakatar da uwargida. Wanki da guga sana'ata ce tun ina saurayi, kuma kwat irin wannan ba na sa shi a ruwa ko da mai shi ya ce ya yafe.

Zanen farko shi ne amsar tambayarka. Bahon nan shi ke maganar wanki da ruwa. Idan an rubuta lamba a cikinsa, a wanke. Idan an zana hannu, a wanke da hannu kawai. Idan an soke shi, ruwa bai halatta ba, na sanyi ne ko na zafi, da inji ne ko da hannu. Naka an soke.

Mutane da yawa zoben nan mai P suke tsoro, alhali shi ba ya hana komai. Ina da riguna a shago yanzu haka da suke da P, kuma bahonsu na ɗauke da 40, ina wanke su da ruwa lafiya lau. Zoben saƙo ne zuwa ga mai firesin, ba naka ba ne. Kai naka shi ne bahon.

Malam_Kimiyya:
MaiWanki ya faɗi gaskiya. KabuKabu kuma ya faɗi inda za a kai rigar daidai, amma P ɗin ba daga sunan firesin ya fito ba. Harafin farko ne na sunan ruwan maganin da ake wankin da shi, wanda a rubutun Turawa da P yake farawa, wato farkuloro'etilen, masu sana'ar na ce masa farkulo. Ruwa ne mai nauyi, ba ya kama wuta, yana narkar da mai da kitse, kuma ba ya kumbura zaren ulu yadda ruwa yake yi. Idan ka ga F a zoben, to magani mai sauƙi ake nufi, dangin man fetur wanda aka tace domin wanki. Idan W ne, wanki ne da ruwa amma na ƙwararru a inji na musamman. Zoben da aka soke kuwa yana nufin kada maganin ya taɓa rigar sam.

Wata ƙungiya ce mai suna GINETEX, wadda aka kafa a Faris a 1963, ta tsara zanukan nan, daga baya suka zama ƙa'idar duniya ISO 3758. Shi ya sa rigar Turkiyya da ta Faransa da ta Italiya duk zane iri ɗaya za ka gani.

KabuKabu_Dole:
To Malam, tunda ka ce maganin F dangin fetur ne, me ya hana ya ɗiga ɗan esansi a tsumma ya goge wurin? Mu haka muke cire baƙin mai a wando. Ga matatar mai a bayan gari, esansi bai yi mana wuya ba a Damagaram.

Malam_Kimiyya:
Wandon aikinka baƙi ne mai kauri, ba ka ganin abin da esansin ya bari. Man da ake zuba wa babur ba tsarkakakke ba ne, akwai abubuwan da aka haɗa masa, na bakin hanya kuma a kwalabe ba ka san me ya taɓa zama a kwalbar ba. A kan ruwan toka mai haske zai narkar da manjan ya tura shi gefe, idan ya bushe sai ka ga zobe babba mai duhun baki ya zagaye wurin. Tabon yatsa ya zama tabon tafin hannu. Ga wari, ga kuma haɗarin wuta a gidan da ake girki da gawayi ko gas. Ban ba da wannan shawara ba.

Bosho_Kasuwa:
Ni dai ina da ja. Dila nawa na kwance a kasuwar Dole, kwat nawa suka bi ta hannuna. Turawa tsoro gare su, suna soke bahon ne don kada a kai su ƙara. Na ga rigunan da aka rubuta kada a wanke, an wanke su ba abin da ya same su. Kuma wannan fiye da rabinsa foliyesta ne, roba ce, me ruwa zai yi wa roba?

MaiWanki_Zengo:
Alhaji, maganarka tana da ƙamshin gaskiya a kan wasu kaya. Rigar mata mara shafi, ko shat ta foliyesta zalla, sau da yawa kamfani ya yi taka-tsantsan ne kawai. Amma kwat ba yadi ɗaya ba ne, kuma nan ne matsalar take.

Ɗan_Birni, ka kama gaban rigar da yatsu biyu, ka kama bayanta, ka kwatanta. Za ka ji gaban ya fi tauri. Akwai wani ƙyalle a ciki da aka manna da gam da zafin guga, irin wanda telolinmu ke sa wa wuyan kaftani ya tsaya, amma wannan tun daga kafaɗa har ƙasa yake. Akwai soso a kafaɗu. Akwai shafi, wanda takardarka ta ce biskos ne. Abu huɗu ke nan aka ɗinke wuri ɗaya, kuma kowanne da yadda yake amsa ruwa. Yadin waje zai tsuke kaɗan saboda ulun da ke ciki, wanda takardarka ta kira laine, shafin zai tsuke fiye da shi ya riƙa jan gindin rigar zuwa ciki, soson kafaɗa ya karkace, gam ɗin kuma ya saki nan ya riƙe can. Idan ta bushe sai ka ga gaban ya taso ƙulu-ƙulu kamar bororon ƙuna. Wannan ba ya gyaruwa. Ka goge ya kwanta, ka sa ka yi zufa ya sake tasowa.

An sha kawo min irinsu bayan an wanke a gida, a ce in gyara da guga. Ba ni da abin yi musu.

Tela_GarinMalam:
Na shaida wannan. An taɓa kawo min wani da yaran gida suka haɗa cikin wanki, na farke shafin in ga ko zan sake manna ƙyallen. Gam ɗin ya riga ya dunƙule ya zama tsaki-tsaki, sai dai a cire gaba ɗaya a sa sabo, kuma kuɗin aikin ya fi kuɗin rigar a bosho. Mai ita ya ce in bar ta.

Bosho_Kasuwa:
To na ji na kwat. Wandon fa? Shi ba soso, ba gam.

Amaryar_Bana:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ina da abaya baƙa mai duwatsu a hannu, ƴar takardarta baho ne da 30 a ciki da layi biyu a ƙasa. Ni tun da na saya na ɗauka minti 30 za a jiƙa ta, haka nake yi. Shayi ne ya zube a gabanta, mai madara.

Inna_Karkada:
Ayya ƴata, ba minti ba ne, zafin ruwa ne.

Malam_Kimiyya:
Haka ne. Lambar cikin baho digiri ce, kuma iyaka ce: kada zafin ruwan ya wuce nan. Ƙasa da haka duk ya halatta. Mai 60 ka iya wanke shi da ruwan sanyi, amma mai 30 ba ka kai shi 60. Layin da ke ƙasa yana maganar cuɗa. Layi ɗaya a sassauta, layi biyu a sassauta ƙwarai. Wato abayarki ba ta son dirza ko murɗawa wajen matsewa, ki dai tsoma ki ɗaga, ki danna a hankali.

Akwai abin da mu mutanen nan ya kamata mu lura da shi wanda mai rubuta takardar bai yi tunaninsa ba. Digiri 30 bai kai zafin jiki ba, jikin mutum 37 yake. Ruwan da ya kai 30 idan ka sa hannu ba za ka ji ɗumi ba, sai ɗan sanyi-sanyi. Yanzu muna cikin bazara, rana na wuce digiri 40. Ruwan tankin da ke saman ɗaki, ko bidon ɗin da ɗan garuwa ya turo da azahar, ko wanda ya wuni a tsakar gida, ya wuce 30 nesa, wani ma ya wuce 40. Mace za ta rantse da ruwan sanyi ta yi wanki don ba ta ɗora a wuta ba, alhali ta karya dokar takardar. Mai 30 a wanke shi da ruwan randa, ko da sassafe kafin rana ta bugi bidon.

Amaryar_Bana:
Ikon Allah. Shi ya sa take koɗewa ke nan, da ruwan tanki nake yi bayan na gama girkin rana. Na gode Malam. Shayin fa?

MaiWanki_Zengo:
Naki mai sauƙi ne tunda bahonki a buɗe yake. Ki juya rigar ciki waje saboda duwatsun, yawancinsu da gam aka liƙa su, zafi da cuɗa ke zubar da su. Ki zuba ruwan sanyi ta bayan tabon don ya fita ta inda ya shiga. Ɗan sabulun ruwa kaɗan, ki ɗauraye sosai, ki shanya a inuwa. Kada ki sa ruwan zafi a kan madara, dafa ta yake yi a cikin zaren. Ki kuma duba akwatin nan na uku a takardarki, idan akwai ɗan layi a karkace a kusurwarsa ta sama, inuwa ake nufi. Baƙin kaya dai ko ba a zana ba, ranar Damagaram ba ta bar su.

Bafillacen_Mirriya:
Ku Barebari kun cika wahalar da kanku. Wa ya aike ku sa kwat cikin wannan zafi? Da babbar riga ce da tuni an wanke an kai bugu.

Ɗan_Birni:
Kai dai koma wajen shanunka, ranar da ka sayi riga mai takarda sai mu yi magana. Inna, na zuba hodar. MaiWanki, na taɓa gaban na ji taurin da ka ce. Amma Alhajin bosho ya yi tambaya ba a amsa ba, ni ma ina son ji, don wandon ma akwai ɗan ɗigo a gwiwa.

Tela_GarinMalam:
Wandon ni a ganina zai jure. Yadi ne guda, gam ɗin a ƙugu kawai yake. Ruwan randa, ɗan shamfu na gashi maimakon omo, ba cuɗa, ba murɗawa, a nannaɗe a tawul a danne, a rataye a inuwa. Na yi wa nawa haka.

Malam_Kimiyya:
Shamfun da Tela ya ce yana da dalili. Ulu gashin tumaki ne. Abu uku ke dunƙule shi: zafi, cuɗa, da sabulu mai kaifi. Sabulun sanda da omo duk masu kaifi ne, wasu garin wankin ma ana sa musu sinadarin da ke cin tabon jini da ƙwai, kuma wannan sinadarin ba ya bambanta tabon da ulun, duk abinci ne a wurinsa. Ulu idan ya dunƙule ba ya warwarewa.

MaiWanki_Zengo:
Zai iya jurewa, ban musa ba. Amma ni ba zan yi ba, saboda dalili biyu. Takardar ta kayan duka biyu ce, idan ka duba cikin wandon za ka ga irinta. Na biyu kuma, wando da kwat tare suke tafiya. Ka wanke ɗaya da ruwa ka kai ɗaya firesin, launinsu da laushinsu sai su fara rabuwa, a cikin ɗaki ba za ka gani ba sai ka fito rana. Shi ya sa ko a firesin ake so ka kai su tare ko da ɗaya ne ya yi datti.

Tela_GarinMalam:
Wannan ga mai kuɗin firesin ne kullum. Talaka wandonsa ya fi kwat ɗinsa shan datti sau nawa, ba zai riƙa biya biyu ba.

Hajiya_Gezna:
Ni abin da ban gane ba, manja fa ba wani abu ba ne. Mu idan ya zuba a farar shadda ɗan jabel muke sawa a ruwa, a shanya a rana, ya tafi. Me ya sa ba zai ɗiga kaɗan a wurin kawai ba, ba sai ya wanke rigar duka ba?

Inna_Karkada:
Hajiya, rufa masa asiri! Jabel a kan ulu?

Malam_Kimiyya:
Hajiya, zane na biyu mai kusurwa uku shi ne na jabel da ƴan uwansa. Idan fanko ne, kowane iri ya halatta. Idan akwai layi biyu a karkace a ciki, jabel bai halatta ba, sai mai sauƙin nan na iskar oksijin. Idan an soke, babu ko ɗaya. Nasa an soke.

Shaddarki auduga ce, tana jure jabel idan fara ce kuma an sirka shi sosai. Ulu da siliki kuwa jabel narkar da su yake yi. Duk mai shakka ya yanko ɗan gashin rago ya jefa a kofin jabel ya bar shi, ya dawo ya ga abin da ya rage. A kan kwat ɗin nan wurin zai fara zama rawaya, zaren ulun ya ruɓe, foliyestan ya rage shi kaɗai, sai wurin ya zama shara-shara.

Batun rana kuwa kin yi gaskiya. Jan manja iri ɗaya ne da abin da ke ba karas launinsa, kuma hasken rana yana kashe shi. Amma rana ba ta cire man, launin kawai take ɗaukewa, man ya zauna ya riƙa kama ƙura.

Hajiya_Gezna:
To ai kayanmu na ɗinki ba su da wata takarda. Shadda, atamfa, leshi, tela ya ɗinka ya ba ka. Mu da me za mu duba?

Tela_GarinMalam:
Hajiya, shi ya sa nake mayar wa mutane ragowar ƙyallensu, amma yawanci zubarwa suke. Wannan ƙyallen shi ne takardarki. Ki jiƙa farin tsumma ki danna a kansa, idan launi ya fito a tsumman, yadin mai zuba ne, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi ba jiƙawa. Ki auna ƙyallen ki wanke ki sake aunawa, za ki san ko yana tsukewa. Idan ba ƙyalle, ki gwada a cikin kalmasa ta ƙasa inda ba a gani. Aikin wuya ma a gwada shi daban, sau da yawa shaddar ba ta zuba, zaren aikin ne ke zuba ya ɓata ƙirji.

Bosho_Kasuwa:
Kuma ba kowace takarda ce ta gaskiya ba, wannan ni na sani. Akwai sabbin kaya masu araha da za ka ga an rubuta auduga zalla, kana taɓawa ka ji santsin roba. Takarda ɗaya suke bugawa su liƙa wa komai. Na bosho na Turai dai galibi abin da aka rubuta shi ne. Na Amurka kuma sau da yawa ba zane, rubutu ne da Ingilishi, wani lokaci bahon ɗigo ne a ciki ba lamba ba.

Malam_Kimiyya:
E, ɗigo ɗaya a bahon Amurka 30 ne, biyu 40, uku 50. Kada a haɗa su da ɗigon dutsen guga, inda ɗaya yake nufin wajen digiri 110, biyu 150, uku 200.

MaiWanki_Zengo:
Mu masu dutsen gawayi ba mu da ɗigo, sai hannu da ido. Ulu da ɗanyen tsumma a tsakani ake goge shi, in ba haka ba ya yi ƙyalli a gwiwa da kafaɗa.

Mu koma kan Ɗan_Birni. Ka yi sa'a da irin tabon da ka samu. Takarda ba ta san me ya zuba maka ba, abin da rigar ke jurewa kawai take faɗa, sai ka haɗa da irin tabon. Naka mai ne, kuma maganin P mai yake ci, sun dace. Da zoɓo ne ko lemo ko shayi mai sukari, maganin ba ya narkar da su, sai mai firesin ya bi wurin da ɗan ruwa da tururi da hannu kafin ya sa a inji. Irin wannan tabon idan ya bushe wani lokaci ba ya ma ganuwa, sai an goge da zafi sukarin ya ƙone ya fito ruwan ƙasa, a zo ana rigima wa ya ɓata riga. Saboda haka idan ka kai, ka nuna wurin da yatsa, ka ce miyar manja ce, ka faɗi ranar da ta zuba, ka faɗi cewa hoda kawai ka sa. Miya ba mai kaɗai ba ce, akwai tumatir da tattasai a ciki, yana bukatar ya sani.

Sannan ka buɗe ido. Ba duk wanda ya rubuta firesin a bakin shago ne yake da injin magani ba. Wasu wanki da guga ne irin nawa, sai dai da leda da maratayi. Ka tambaye shi kai tsaye: da ruwa za ka wanke ko da magani? Ka nuna masa takardar ka ce ya faɗa maka ma'anar zoben. Idan ya ce a nuna maka injin, babba ne rufaffe mai tankuna a ƙasa, ba irin na gida ba. Idan ya fara kame-kame, ɗauki rigarka.

Ɗan_Birni:
To idan ban samu mai injin ba fa? Ko kuma kuɗin ya kusa kuɗin rigar? Jaka 12 na saye su duka.

Inna_Karkada:
Sai ka tsaya a kan wurin kaɗai. Bayan hodar ta gama tsotsewa, ka sa farin tawul a ƙarƙashin tabon. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka a cikin rabin kofin ruwan randa, ka tsoma bakin farin tsumma ka matse, ka riƙa dannawa daga gefen tabon zuwa tsakiya. Ba gogawa. Ka canja tsumma da ruwa zalla ka bi, ka danne da busasshe. Haka nake yi wa na maigida tun yana aiki.

MaiWanki_Zengo:
Inna, da girmanki, ina tsoron wannan. Idan ruwan ya ratsa ya kai shafin, biskos yana yin zoben ruwa, kuma wurin maɓalli kan gam yake. Sabulun da bai fita duka ba shi ma tabo ne. Idan ya gwada bai yi ba ya kai firesin daga baya, ya ƙara musu aiki.

Inna_Karkada:
Ɗana, ai na ce a matse tsumman. Laima nake nufi, ba jiƙawa ba. Ya fara gwadawa a cikin kalmasa. Wanda ba shi da halin firesin ba zai jefar da riga ba don ɗigon miya.

Malam_Kimiyya:
Ni a tsakiya nake. Bahon da aka soke tsomawa ya hana, kuma masu firesin ɗin da kansu suna taɓa tabo da laima. Bambancin shi ne su suna da bindigar tururi da iskar da ke busar da wurin nan take. Idan za ka bi hanyar Inna, ka busar da wurin da sauri gaban fanka, daga gefe. Abu guda da zan ƙara ga kowa: ruwan goge jan farce, kada a kusantar da shi shafin kwat. Wasu shafin asetat ne, ruwan nan narkar da shi yake yi ya bar rami.

KabuKabu_Dole:
Ni dai har yanzu da esansina. Amma na ji, ba zan sa wa rigar Sallah ba.

Ɗan_Birni:
Labari. Na kakkaɓe hodar, ta yi ja kamar yadda Inna ta ce, na sake zubawa. Maiƙon ya ragu sosai, saura inuwar rawaya. Na je wani shago na yi tambayar MaiWanki, yaron ya ce komai da ruwa suke yi amma a hankali, na yi godiya na fito. An kwatanta min wani wurin, gobe in sha Allah zan leƙa. Wandon kuma uwargida ta karanta maganar Tela ta ce ita dai za ta gwada da shamfu, ni ban amince ba tukuna.

Tela_GarinMalam:
Idan za ta yi, ta auna tsawon ƙafar da ƙugun kafin ta tsoma, ka kawo mana lissafin bayan ya bushe.

Hajiya_Gezna:
MaiWanki, kafin a watse, goro fa? Maigida ya ɗiga wa farar gezna a ƙirji dab da aikin, kuma zaren aikin ruwan gwal ne. Jabel ɗin nan da kuka tsoratar da ni, in sa ko kar in sa?

MaiWanki_Zengo:
Kar ki sa kusa da aikin, Hajiya, zai kashe zaren. An riga an wanke ta da sabulun sanda ko an goge ta tun da ya zuba? Faɗa min wannan tukuna, don sabulun sanda ƙara kama jan goro yake yi.